Wanke tsuntsun da mai ya shafa: ceto ne ko aikin ɗaukar hoto?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya agwagwarmu ta faɗa cikin daron baƙin mai da yaron bakanike ya bari a zaure. Na wanke ta da omo da ruwan rijiya har sau biyu, ta yi fes a ido, amma ta kwana tana rawar ɗari, da asuba muka tarar ta mutu. Abin ya tsaya mini a rai. Sai na tuna hotunan da ake nunawa in mai ya malale a teku, mutane sanye da safar hannu suna wanke tsuntsaye a baho. To ni da na kasa ceton agwagwa guda a tsakar gidana, su ta yaya suke ceton dubbai? Ko dai suna wankewa ne a ɗauki hoto, tsuntsayen su je su mutu a bayan fage? Don Allah wanda ya sani ya yi mana bayani.

Bakatsine_77:
Wa'alaikumus salam. Hajiya ai kin ba kanki amsa. Kamfanonin mai ne ke biyan kuɗin wankin don duniya ta ga suna da tausayi. Tsuntsun da ya sha mai ya gama yawo.

Likitar_Dabbobi:
Allah ya mayar da alheri, Ummu Hanan. Kada ki ɗora wa kanki laifi, abin da kowa zai yi ke nan in ya ga dabba cikin mai, ya ruga ya wanke. Amma wankin nan na gaggawa shi ne ya fi kashe su.

Tsuntsun ruwa jikinsa ya fi namu zafi, yana kusa da digiri 40 zuwa 41. Abin da ke riƙe masa wannan ɗumin shi ne iskar da ke ɗaure tsakanin fatarsa da gashin waje. In mai ya taɓa gashin sai ya cukurkuɗe, ruwa ya sami ƙofa ya kai ga fata, iskar ta fice. Daga nan tsuntsun ƙona kitsen jikinsa yake yi don ya ji ɗumi, ga shi ya daina kiwo, ya koma sharce gashi da baki ba dare ba rana, yana haɗiyar man. Man kuma yana ƙona hanji, yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini. To ki duba, a wannan halin aka kama ta, aka zuba mata ruwan rijiya mai sanyi, aka cuɗa ta. Gajiya da sanyi ne suka ƙarasa ta.

Masu wannan aikin ba sa wanke tsuntsu ran da aka kawo shi. Sai su goge masa ido da baki da hanci, su sa shi wuri mai ɗumi da duhu, su zura masa siririn tiyo ta baki su ba shi ruwan gishiri da sukari, wani lokaci da garin gawayi na magani don ya kama gubar da ke ciki. Sai ya yi kwana biyu ko fiye yana ci, an auna nauyinsa, an duba jininsa, sannan a ce ya isa wanka.

Dan_Gashuwa:
Likita na yarda da ke, amma akwai abin da kika tsallake. Mu nan bakin Yobe mun san agwagwar ruwa tana da wani kitse a gindin wutsiya, shi take shafawa a jiki ruwa ba ya kama ta. Sabulu yana wanke wannan kitsen. Shi ya sa ko an wanke ta ba za ta ƙara iya zama kan ruwa ba sai ta sake sabon gashi.

Likitar_Dabbobi:
Malam Ɗan Gashuwa, kitsen nan yana nan kamar yadda ka faɗa, kuma an daɗe ana zaton shi ne ke tare ruwa. Amma babban aikin na saƙar gashin ne. Ɗauki gashin agwagwa guda ka ja gefensa, za ka ga ya tsage. Ka shafa shi da yatsa biyu daga gindi zuwa sama, sai ya sake haɗewa kamar an ja zif. Ƙananan ƙugiyoyi ne ke sarƙe juna, ramukan da ke tsakaninsu sun yi ƙanƙantar da ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa. Kitsen yana gyara gashin ne kada ya bushe ya kakkarye. Shi ya sa tsuntsun da aka wanke da kyau yake komawa tare ruwa cikin 'yan kwanaki, ba sai ya jira sabon gashi ba.

Inda ake faɗuwa shi ne ɗauraya. Sabulu ma yana buɗe wa ruwa hanya kamar yadda mai ke yi. In ya rage ko kaɗan a gashi, tsuntsun zai jiƙe sharkaf. Ana wanke shi ne da ruwa mai ɗumin jikinsa da sabulun ruwa na wanke-wanke ɗan kaɗan, mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya yana kaɗa ruwan cikin gashin, kan kuwa da burushin haƙori. Daga baho zuwa baho har ruwan ya daina baƙi. Sannan a ɗauraye da tiyo mai ƙarfi. Alamar an gama ita ce abin da ke ba baƙo mamaki: kana fesa ruwa gashin yana ƙara bushewa, ruwan yana mirginowa dunƙule-dunƙule kamar a kan ganyen gwaza.

Malam_Bawa_Tarihi:
Ga Bakatsine da ya ce tsuntsun da ya sha mai ya gama yawo, bari in kawo labarin da ya saɓa wa haka.

Ran 23 ga Yunin 2000 wani jirgin dakon tama mai suna Treasure ya nutse kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu, tsakanin tsibirin Robben, inda aka tsare Mandela, da tsibirin Dassen. Ba jirgin dakon mai ba ne ma. Man da yake sha ne, kimanin tan 1,300 na baƙin mai mai kauri, ya fara tsiyaya. Tsibiran nan biyu kuwa gidan fengwin ne, tsuntsun nan da ba ya tashi, mai tafiya a tsaye kamar mutum, kuma lokacin suna kan ƙwai da 'ya'ya. Fengwin dole ya shiga ruwa ya kamo kifi, dole ya fito ya ciyar da 'ya'ya, kuma ba ya iya tsallake man ta sama. Duk shiga da fita sai ya ratsa ta ciki.

An kama kimanin 19,000 da mai ya shafa. Ƙungiyar SANCCOB, wadda tun 1968 take wannan aikin, wurinta ya yi kaɗan, sai aka buɗe wani katafaren shagon jirgin ƙasa a Salt River aka cika shi da su. Masu aikin sa kai wajen 12,000 suka yi ta karɓa-karɓa, kowane tsuntsu sai an buɗe masa baki an tura masa kifi da hannu, don bai san cin mataccen kifi ba, ga cizo kamar almakashi. A ƙarshe kusan tara cikin goma aka mayar teku da rai. An sa wa da yawa zobe a fiffike, an kuma ci gaba da ganinsu shekaru suna hayayyafa.

Bakatsine_77:
Malam Bawa, to in haka ne me ya sa nake jin cewa a wasu wuraren kusan duka suke mutuwa? Ba da kaina na ƙirƙira ba.

Malam_Bawa_Tarihi:
Ba ka ƙirƙira ba, kana da rabin gaskiya. A wurin nan ɗaya, shekara shida kafin nan, a 1994, jirgin Apollo Sea ya nutse, mai ya shafi fengwin kusan 10,000, kuma wajen rabinsu suka mutu. Da yawa ba su kai ga wanka ba ma, a hanya suka mutu, an cusa su da yawa cikin kwalaye da motocin da iska ba ta shiga. Wannan darasin ne ya sa a 2000 aka tanadi kwalaye masu huji, aka rage yawan tsuntsu a kowane kwali. Mai iri ɗaya, tsuntsu iri ɗaya, gaɓa ɗaya, abin da ya bambanta shi ne shiri.

Sannan jinsin tsuntsu ma yana da nasa. Fengwin ƙaƙƙarfa ne, ya saba da yin kwanaki bai ci ba. Tsuntsayen tekun Turai masu nutso ba su da wannan juriyar. Da jirgin Erika ya karye a gaɓar Faransa a Disambar 1999, tsakiyar hunturu, an tsinci dubun dubatarsu, kuma 'yan kaɗan ne aka iya mayarwa teku. Har yau akwai masana da ke cewa irin waɗannan gara a sauƙaƙa musu mutuwa da a wahalar da su.

Hajiya_Turai:
Subhanallah. A kashe su kuma? Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Rai ne fa.

Likitar_Dabbobi:
Hajiya, wallahi ba wanda ke jin daɗinsa. Amma in an kawo miki dubu a rana ɗaya, hannuwanki ashirin, wanda ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar wuƙa kuma jininsa ya ƙare ba zai tashi ba ko me kika yi, lokacin da kika ba shi kuwa kin hana wani mai sauran ƙarfi. Na taɓa tsayawa a irin wannan zaɓin a kan kaji lokacin annoba, ban yi barci ba ranar. Ban ce ki yarda ba, ina dai gaya miki yadda abin yake.

Injiniya_Fatakwal:
Ku yi haƙuri in shigo, na yi shekaru ina aikin tare mai a rafukan Neja Dalta. Malam Bawa ya bar rabin labarin Treasure da ni ya fi burge ni. Bayan waɗanda mai ya shafa, an kwashe wasu kimanin 19,500 da bai kai gare su ba tukuna, aka loda su a manyan motoci, aka kai su Cape Recife kusa da Port Elizabeth, tafiyar wajen kilomita 800 ta ruwa, aka sake su. Suka kama iyo zuwa gida. Mako biyu zuwa ukun da suka yi a hanya shi ne lokacin da aka samu na share man. An ɗaura wa uku na'urar bin sawu, har suna aka sa musu, Simon da Percy da Pamela. Waɗannan ba sabulu, ba baho, ba wata guda ana ɗura musu kifi. Duk mai wannan sana'a zai gaya maka tsuntsun da ya fi arha shi ne wanda man bai taɓa ba.

Sadiya_Maradi:
Injiniya, to me ya hana a kewaye man tun a teku? Ina ganin wani dogon abu ruwan lemo da ake shimfiɗawa kan ruwa. In an zagaye jirgin da shi ba shi ke nan ba?

Injiniya_Fatakwal:
Ƙanwata, da haka yake da mun huta. Abin nan shi muke kira bum, shinge ne mai yawo. Samansa yana da iska ko soso, ƙasansa akwai labule da ya nutse kamar kamu ɗaya ko biyu, da sarƙa a gindi don ya tsaya. Yana tare mai ne kawai in ruwan yana tafiya a hankali. In gudun ruwan da ke dukansa kai tsaye ya wuce kamar santimita 35 a daƙiƙa, wato ko rabin tafiyar mutum bai kai ba, man da ya taru a gabansa sai ya riƙa gutsurewa yana nutsewa ta ƙarƙashin labulen, ya ɓullo a baya. In kuma akwai igiyar ruwa sai ya fantsama ta sama.

Ga yadda muke aunawa ba tare da wata na'ura ba. Ka auna mita 10 a bakin rafi, ka jefa kara, ka duba agogo. In karan ya ci daƙiƙa 30 ko fiye kafin ya wuce, kana iya gitta bum a miƙe. In ya wuce cikin daƙiƙa 15, gudun ya ninka, dole ka karkata shi ya zama digiri 30 da gaɓa, yadda man zai riƙa zamewa a jikinsa yana gangarowa wani lungu mai kwantaccen ruwa inda ka ajiye injin yaɗe mai. Karkatawar nan kuwa tana cin kaya: rafi mai faɗin mita 50 sai ka sa bum mita 100, da anka da yawa don kada ya yi ciki.

Na ga ranar da aka ƙi jin wannan. Wani ɗan kwangila, ba sai na kama suna ba, bum ɗin da ya kawo bai kai ba, ya ce a gitta shi a miƙe kawai. Da safe teku na cikowa, ruwa shiru, man ya taru baƙi ƙirin, kowa na murna. Da azahar ruwa ya juya ya fara janyewa da ƙarfi. Ina tsaye cikin kwalekwale ina kallon ɗigo-ɗigon mai suna ɓullowa bayan shingen kamar tafasar miya. Kafin la'asar abin da muka tara ya shige cikin daji. A buɗaɗɗen teku kuwa, in an kwashe kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na man da ya zube, an yi ƙoƙari.

Auwalu_Mai_Shayi:
Ni a ganina a cinna masa wuta kawai ya ƙone a huta. Ko a zuba masa sinadarin nan da jirgin sama ke fesawa ya narke.

Injiniya_Fatakwal:
Auwalu, duka biyun ana yi, amma kowanne da sharaɗinsa. Wuta ba ta kama man da ya bazu ya yi siriri, sai kaurinsa ya kai milimita 2 zuwa 3, ka ga sai an fara tara shi da bum mai jure wuta. Kuma in ya kwana biyu igiya na kaɗa shi, yana shan ruwa ya zama wani abu kamar kunun da ya daskare, har kashi 70 ko 80 na cikinsa ruwa ne. Wannan ba ya ci da wuta, yana toshe famfo, kuma yawansa ya ninka sau uku zuwa biyar.

Sinadarin kuma ba ya narkar da mai ya ɓace. Farfasa shi yake yi ƙanana ya shige cikin ruwa. Ka ɗauke shi daga kan tsuntsu da gaɓa, ka miƙa wa kifi da abin da ke ƙasa. A ruwa mai zurfi wani lokaci cinikin yana da riba, a rafi marar zurfi inda mutane ke su babu. A kan baƙin mai mai kauri irin na Treasure ma da ƙyar yake aiki.

Tamuno_Bahaushen_Bonny:
Ni haifaffen nan ne, a Sabon Garin Kano na koyi Hausa. Ina karanta ku tun ɗazu ana ta maganar tsuntsu, raina yana ɓaci. A Bodo ta ƙasar Ogoni bututu ya fashe sau biyu a 2008, mai ya yi makonni yana zuba. Sai 2015 Shell ta amince ta biya fam miliyan 55. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30, kuma a Ogale an sami sinadarin benzin a ruwan rijiya ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda. Kakata da tsintar dodon koɗi da kaguwa a cikin laka ta rene mu. Wa ya zo da burushin haƙori ya wanke mata lakar?

Hajiya_Turai:
Allah ya ba ku haƙuri ɗana. Gaskiya ka faɗa, mu da ke nesa hoton tsuntsu muka fi gani.

Injiniya_Fatakwal:
Ɗan'uwa Tamuno, ba ni da abin musu. Kuma dajinku shi ne mafi wuyar gyara a duk gaɓoɓin duniya. Dutsen da igiya ke duka kullum yana wanke kansa cikin watanni. Yashi ana kankare samansa da shebur a kwashe. Amma itatuwan nan na bakin teku masu tsayawa cikin ruwan gishiri da saiwarsu suke numfashi, saiwar da ke fitowa sama da laka. Mai ya lulluɓe ta, itacen ya shaƙe, ganye ya yi rawaya ya zube. Man kuma ya bi ramukan kaguwa ya shige cikin laka inda ba iska, ƙwayoyin da ke cinye mai kuwa sai da iska suke aiki da sauri. Sai ya zauna shekaru. In ka tura mutane ɗari da takalman roba, kowane taku yana ƙara danna shi ƙasa. Abin da ake yi shi ne a tura ruwa marar ƙarfi cikin lakar, man ya taso, a tare shi da bum a yaɗe, daga baya a dasa sabbin itatuwa. Aiki ne na taku-taku.

Malam_Bawa_Tarihi:
Maganar takalma ta tuna mini Alaska. Da jirgin dakon mai Exxon Valdez ya hau dutse a Maris 1989, an ƙiyasta tsuntsayen teku 250,000 suka mutu, gawar da aka tsinta kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar ba, sauran sun nutse ko ruwa ya tafi da su. Don a nuna ana aiki aka riƙa wanke duwatsun gaɓa da ruwan zafi mai ƙarfi. Duwatsun suka yi ƙyalli, amma an dafa duk ƙananan halittun da ke manne a jiki, har wasu wuraren da aka wanke suka fi jinkirin farfaɗowa a kan waɗanda aka bari. Bayan shekara ashirin ana tona tsakuwa ana tarar da mai a ƙasa.

Bakatsine_77:
To ka ga maganata ta fito. Aikin ganin ido.

Dan_Gashuwa:
A'a Bakatsine, na duwatsun Alaska ne ganin ido, na fengwin kuwa an ƙirga an ga sun rayu. Kada ka haɗa su a kwando ɗaya. Ni abin da ya rage mini shi ne maganar kitsen nan. Zan gwada gashin agwagwa da yatsa kamar yadda Likita ta ce kafin in sallama.

Likitar_Dabbobi:
Gwada, ka ɗiga masa ruwa kafin da bayan ka taɓa shi da sabulu. Wani abin da ban faɗa ba: uwa in ta koma sheƙa da ɗan mai a ƙirji ta kwanta kan ƙwai, ɗigon da bai kai kan allura biyu ba yana iya kashe ɗan da ke ciki, don ɓawon ƙwai yana da ƙofofin numfashi. Wannan asarar ba ta shiga lissafin kowa. Fengwin ɗin Afirka kuma, duk da ceton 2000, a 2024 an sa shi cikin jerin masu dab da ƙarewa, yanzu ƙarancin kifi ne ya fi cin su.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Da na sani da kwali da tsumma na fara nema mata, ba omo ba. Likita, akwai ɗaya da man ya ɗan taɓa wa fiffike da ƙirji, tana ci tana sha, na sa ta a kwali kusa da murhu tun safe. In bari sai jibi in wanke ta? Maƙwabciyata kuma ta ce in fara goge wurin da kananzir.

Likitar_Dabbobi:
Kananzir kam a'a, yana ƙona fata kuma tururinsa yana illa ga huhu. Ki janye kwalin daga hayaƙi, ɗumi kawai take so. Tunda tana ci, gobe da hantsi ya isa. Ruwan ya zama wanda gwiwar hannunki ke jin ɗuminsa ba zafi ba, ki tanadi bokiti uku ko huɗu tun kafin ki fara don kada ya huce a tsakiya, wani ya riƙe miki ita. Kada ki bar ta ta shiga kwatami sai kin ga ruwa na mirginowa a ƙirjin. Ki turo mana hoto in kin gama.